Rahoton Odita A Bauchi: Wa Ke Bin Sawu Bayan An Rufe Fayil?

A cikin watan Oktoba na 2019, Gwamnatin Jihar Bauchi ta ba da wani labari wanda ya girgiza ma'aikata tun daga Sakatariya har ƙauyuka. Kwamitin da Gwamna Bala Mohammed ya naɗa don tantance masu karɓar albashi da fansho, a ƙarƙashin Sanata Adamu Gumba, ya ce ya sami sunaye 41,448 waɗanda ba su da lambar BVN, watau lambar nan mai alƙaluma 11 wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a shekarar 2014, don a san kowane mai ajiya a banki da zanen yatsunsa. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta maganar ma'aikatan bogi.

Amma fa rashin lamba alama ce kawai, ba hukunci ba ne. A cikin irin wannan jeri akan sami mamaci, da wanda ya bar aiki tuntuni, da sunan da aka ƙaga, akan kuma sami malamin makaranta na gaskiya wanda magatakarda ya manta bai rubuta lambarsa ba. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a san wanda za a soke da wanda za a ba haƙuri. Wannan aiki na biyu, na bin sawu, shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba, kuma a wurinsa ne yawancin binciken kuɗi kan mutu.

Abin Da Doka Ta Tanada

Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace jiha Babban Mai Binciken Kuɗi, wanda aka fi sani da Odita-Janar. Sashe na 125 ya ba shi ikon duba littattafai da takardun ofisoshin Gwamnatin jiha, ya kuma ce ba wanda zai ba shi umurni a cikin aikinsa. Idan Akanta-Janar ya miƙa masa lissafin shekara, yana da kwana 90 ya kai rahotonsa gaban Majalisar Dokoki, ita kuwa ta miƙa wa kwamitinta mai kula da asusun jama'a. A nan sashen ya tsaya. Bai faɗi wanda zai koma ma'aikata bayan wata shida ya ga ko an gyara ba.

Daga 2018 Bankin Duniya ya kawo wani shiri na dala miliyan 750, wanda ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun buga lissafinsu wanda Odita ya duba a kan lokaci. Shirin ya yi amfani, gama ya fito da rahotanni daga cikin durowa zuwa idon jama'a. Sai dai buga rahoto daban, aiki da shi daban. Mai karatu da ya jera rahoton shekara uku na kusan kowace jiha zai ga laifi iri ɗaya yana dawowa: baucar da ba rasit, kuɗin tafiya da ba a kawo bayaninsu ba, harajin da aka cire ba a kai baitulmali ba.

Littafin Bin Sawu

Bari a ɗauki misali, ba na wata ma'aikata takamaimai ba, don a ga yadda aikin ke tafiya. A ce odita ya haɗa takardar albashin wata ma'aikata a Bauchi da jerin ma'aikatanta, ya sami mutum 40 da ba su kamata su kasance a ciki ba: 25 sun yi ritaya, 15 sun rasu. A ce kowannensu ana biyansa Naira 50,000 a wata, kuma an yi wata shida ana biya. Watau Naira miliyan 2 ke zurarewa kowane wata, miliyan 12 sun riga sun tafi.

Odita mai sanin aikinsa ba zai rubuta shawara ɗaya dunƙulalliya cewa a gyara takardar albashi ba. Zai raba ta uku: a cire sunayen, a dawo da kuɗin, a toshe ƙofar da ɓarnar ta shigo. Kowace ɗaya sai ta sami layinta a littafin bin sawu, da lambarta, da muƙamin wanda aka ɗora wa, da ranar da ya yi alkawari, da irin shaidar da za a karɓa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma tun ranar farko ake yarda a kansa. Idan ba a rubuta cewa rasit ɗin baitulmali ake so ba, ranar da aka koma sai a kawo wasiƙa a ce ga shaida.

Muƙami ake rubutawa tare da suna, don kuwa canjin wurin aiki ba ya ƙarewa a Gwamnati. Darektan da ya yi alkawari a watan Maris mai yiwuwa ne a watan Yuni yana wata ma'aikata, wanda ya gaje shi kuwa ya ce shi bai san zancen ba.

"An Ɗauki Mataki"

Wannan ita ce amsar da ta fi yawa a fayilolin bincike, kuma ita kaɗai ba ta rufe komai. Wanda aka tuhuma ba shi ne zai ce magana ta ƙare ba. Odita ne zai koma ya gani da idonsa.

A kan shawara ta farko, zai nemi takardar albashi ta wata uku a jere bayan ranar da aka ce an cire sunayen, don akan cire suna wata ɗaya, ƙura ta lafa, ya dawo. Ba zai tsaya ga takardar da ma'aikata ta ba shi ba, zai nemi jerin da aka aika banki, tun da shi ne ke nuna inda kuɗi suka shiga. Kuma ba da suna zai bi ba. A Bauchi mai suna Muhammad Sani ko Ibrahim Adamu ba ya ƙirguwa, ga shi kuma sauya harafi ɗaya ya isa ya ɓoye mutum. Da lambar fayil da lambar asusun banki ake bi. Daga nan sai ya duba jimla: idan da gaske an cire mutum 40, lalle albashin ma'aikatar ya ragu da miliyan 2, sai fa in an ɗauki sababbi ko an yi ƙarin girma, su ma kuwa sai an ga takardunsu. In sunaye sun fita amma jimla tana nan daram, to, an cusa waɗansu a gurbinsu ke nan. Akwai kuma dabarar ɗauke suna daga wannan ma'aikata a kai shi wata, ko a mai da shi takardar ƙananan hukumomi, waɗanda jihar ke da 20 kuma mai bincikensu daban ne. Saboda haka sai an nemi lambar asusun a cikin takardun duka biyu.

Ta biyu ta fi wuya. Na masu ritaya ana iya cirewa daga garatutinsu, na mamata kuwa sai an gano wanda ke cire kuɗin daga banki. A ce ma'aikata ta kawo rasit na miliyan 3. Odita zai haɗa rasit ɗin da bayanin asusun Gwamnati daga banki ya tabbata kuɗin sun shiga, sa'an nan ya rubuta cewa saura miliyan 9. Layin yana nan a buɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga an fara biya a ce an gama.

Ta uku ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ce tushen. Me ya sa sunan wanda ya yi ritaya ya zauna wata shida? Don ba wanda ke aika wa ofishin albashi labari. Ma'aikata za ta ce ta fitar da takardar umurni cewa a riƙa aikawa kowane wata. Takarda ba ta isa ba. Sai odita ya ɗauko sunayen waɗanda suka bar aiki bayan fitowar umurnin, ko da goma ne, ya ga ko an tsai da albashinsu a watan da ya dace. In an sami biyu a cikin goma suna karɓa, ƙofa tana nan a buɗe, baɗi kuma za a sake ƙirga waɗansu 40.

Idan Aka Yi Ta Jan Ƙafa

Jinkiri a nan kuɗi ne. A misalin da aka kawo, kowane wata da aka ƙara miliyan 2 ne, don haka odita kan sa wannan lissafi a cikin takardar tuni, ya fi dogon wa'azi tasiri. Dokokin kuɗi na Gwamnatin Tarayya na 2009 sun ba ma'aikacin da ya biya kuɗi ba bisa ƙa'ida ba kwana 21 ya yi bayani, in bai gamsar ba a karɓo kuɗin daga wurinsa a kuma ɗauke shi daga wannan teburi. Jihohi suna da nasu dokokin, amma manufar ɗaya ce: wa'adi ya zama sananne, abin da zai biyo baya ma sananne.

Kai ƙara hawa-hawa ake yi. In wa'adi ya wuce, tuni ya tafi ga wanda aka ɗora wa aikin. In shiru, sai Babban Sakatare, gama shi ne ke amsa tambaya a kan kowane kwabo na ma'aikatarsa. Daga nan a sanar da Akanta-Janar da Shugaban Ma'aikata, tun da ɗaya ke riƙe da biya, ɗaya kuma ladabtarwa. Tsallake mataki kan jawo gaba ba gaira ba dalili, amma maimaita tuni sau biyar ga mutum ɗaya shi ma sakaci ne, ya nuna wa kowa cewa takardar odita ba ta cizo. Inda aka ga alamar sata da gangan kuwa ba a jiran wannan tsani, maganar ta hukumomin yaƙi da cin hanci ce.

Wani lokaci shugaba kan ce shi ba zai yi aiki da shawarar ba, ko don tsada ko don yana ganin odita ya yi kuskure. Yana da damar faɗin haka, amma a rubuce, da sa hannunsa. Ƙa'idodin ƙungiyar masu binciken cikin gida ta duniya, waɗanda aka sabunta suka fara aiki a Janairun 2025, sun ce in mai bincike ya ga hatsarin da aka rungume ya wuce kima, sai ya kai maganar ga hukumar da ke sama. A Gwamnatin jiha wannan hukuma ita ce Majalisa.

Majalisar Dokokin Bauchi mai wakilai 31 ba ta rasa ƙarfi ba. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike, da kiran kowa ya ba da shaida, da ba da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Sai dai abin da ta yanke a ƙarshe ƙuduri ne, ɓangaren zartarwa ne zai cire kuɗi daga albashin mutum ko ya sallame shi. Sashe na 125 kuwa bai ba Odita-Janar ikon ɗora wa kowa biya da kansa ba. A Ghana tsarin mulkin 1992 ya ba nasu wannan iko, amma aka yi shekaru ba a yi amfani da shi ba, sai da wata ƙungiyar 'yan ƙasa ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2017 cewa wajibi ne ya riƙa soke kuɗin da aka kashe ba bisa doka ba, ya kuma ɗora wa mai laifi biya.