Kashin Jinin 'Yan Tsaki Da Zawon 'Yan Awaki: Laima Ce Tushen Ɓarnar

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk wanda ya san Minna ya san yadda watan Agusta da na Satumba su ke. Ruwa ba ya yankewa, ƙasa ba ta bushewa, rana kuwa sai leƙe. To, a daidai wannan lokaci ne masu kiwo a Bosso da Tunga da Chanchaga su kan wayi gari su tarar 'yan tsaki sun takure, fukafukai a sake, ga jini cikin kashinsu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Ibadan da Shagamu su kan aiko da kuɗi gida a saya wa iyali tsaki ko akuya, waɗansu kuma a can su ke kiwon a bayan ɗaki, inda laima ta fi ta Minna. Saboda haka zancen ya shafe mu duka.

Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta koksidiyosis. Wata ƙwaya ce mai suna Aimeriya, wadda ido ba ya gani, ke shiga hanji ta yi ta hayayyafa cikin bangonsa har ta ɗaye shi. Ƙwayayenta su kan fito tare da kashi, amma a ranar da suka fito ba su iya cutar da kowa. Sai sun sami laima da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu sa'an nan su nuna. Nan ne asirin ya ke. Idan shimfiɗar ɗaki a bushe ta ke, kaɗan ne za su nuna, tsako ya haɗiyi 'yan kaɗan, jikinsa ya saba da su. In kuwa a jiƙe ta ke, sai ya haɗiye su da yawa lokaci guda, ya kwanta. A sani kuma kowace dabba da irin tata. Ta kaji ba ta kama awaki, ta awaki ba ta kama kaji, laimar ce kawai ta haɗa su.

Bari mu yi misali. A ce wani a Bosso ya karɓi tsaki 200 na nama daga Ibadan. Kafin su iso sai ya zuba dusar katako mai kaurin santimita 5 zuwa 10, watau kamar faɗin tafin hannu. Karkararriyar dusa mai fala-fala ta fi mai laushi kamar gari, domin mai laushin ta kan dunƙule, tsakin kuma su kan ci ta. Ɓuntun shinkafa busasshe ma ya kan yi. Kowace safiya ya damƙi shimfiɗar a hannu. In ya buɗe hannu ta warwatse, lafiya lau. In ta tsaya curi guda kamar dawo, ko warin kashi ya sa masa hawaye, to ta jiƙe. Sai ya kwashe wurin da ya dame, musamman gindin mazubin ruwa, ya zuba sabuwa, ya motsa sauran. Ya riƙa ɗaga mazubin yana bin tsayin gadon bayan tsakin, ya toshe yoyon kwano, ya buɗe labulen taga da rana. Kaji 200 in sun girma suna bukatar ɗaki kamar mita 4 da mita 5. Cunkoso shi ke jiƙa shimfiɗa tun kafin ruwan sama.

Cutar ta fi bugu tsakanin mako 3 da mako 6. Sai dai ba kowane zawo ba ne ita. Gumboro ma a wannan tsakanin ta ke zuwa, amma kashinta fari ne mai ruwa-ruwa. Kore shar tare da murɗewar wuya kuwa ya fi kama da Niyukasil. Hanyar tabbatarwa ita ce a kai wa likitan dabbobi wanda bai daɗe da mutuwa ba, ya feɗe. Akwai waɗansu 'yan jakunkuna biyu kusa da ƙarshen hanji, in an tarar sun kumbura da jini, zance ya ƙare. Akwai kuma irin da ba ya fid da jini, sai dai kaji su yi ta ci ba su girma. Wannan sai an duba kashin a madubin likita.

In ta tabbata, maganin da aka saba da shi shi ne amfuroliyam. Idan garin mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ne, ana zuba giram 12 a jarkar ruwa mai lita 20, in cutar ta yi tsanani a ninka. Tsaki 200 'yan mako huɗu su kan sha wajen jarka biyu a yini, watau giram 24 ke nan, kwana biyar kuma giram 120. Ka ga wanda ya sayi ƙulli ɗaya mai giram 100 zai yanke a hanya. Bayan kwana biyar sai a rage zuwa giram 6 a jarka har mako guda. A dama sabo kullum, kada a ajiye musu wani ruwan dabam, kuma a dakatar da bitamin mai B1, gama maganin yana aiki ne ta hana ƙwayar samun wannan bitamin. Akwai kuma toltarazuril na kaji mai kashi 2.5 cikin 100, mililita 1 a kowace lita, kwana biyu. Ba a ba kajin da ake cin ƙwansu shi. Yawancin ƙullin kasuwa gauraye ne da waɗansu magunguna, don haka a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga jini ya tsaya a kwana na biyu a daina, shimfiɗar kuma tana nan a jiƙe.

Ga 'yan awaki kuwa, ta fi kama 'yan wata 1 zuwa wata 6, musamman lokacin yaye. Uwar tana ɗauke da ƙwayar ba ta nuna komai, tana zubar da ita a garke, ɗan kuwa ya tsotsa daga hantsar da ta ɓaci ko ya ci a ƙasa. Bayan mako biyu zuwa uku sai zawo ya ɓata wutsiya, ga yunƙuri, gashi ya tashi, ciki ya yi tulu. Sau da yawa babu jini. Mutane su kan ɗura maganin tsutsar ciki, amma shi ba ya taɓa wannan ƙwaya. Abin da likita zai ba da shi ne toltarazuril mai kashi 5 cikin 100, sau ɗaya tak. Ɗan akuya mai kilo 5 mililita 2 ya ke sha. A ba duk tsararrakinsa, domin su ma sun haɗiya. Kada a ɗura masa na kaji, yana ƙona baki in ba a sirka ba. Amfuroliyam kuma in ya yi wa akuya yawa ya kan taɓa ƙwaƙwalwa, ta makance tana tangaɗi. Wanda zawo ya galabaitar a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, kuma ba a yanka wanda ya sha magani sai an cika makonnin da aka rubuta.

A share garke kullum, tun da ƙwayar sai ta kwana ta ke nuna. A ɗaga akushin dusa da na ruwa daga ƙasa, a rataye harawa, a riƙa canja turke zuwa tudu inda rana ke bugu. A ɗakin kaji, in an sayar da rukuni guda, a kwashe shimfiɗar duka a kai gona, a wanke daɓe da tafasasshen ruwa, a bar shi ya bushe mako biyu. Yawancin magungunan wanke ɗaki ba su fasa ɓawon ƙwayar, zafi da bushewa su ke kashe ta.

Don haka mai aiko da kuɗin tsaki daga Kudu, ya ware na buhunan dusar katako tun farko, ya kuma tambayi mutanen gida ko kwanon ɗakin yana yoyo.