Matsakaicin farashi mai la'akari da yawan ciniki

VWAP matsakaicin farashin hannun jari ne da ke la'akari da yawan abin da aka sayar. Idan aka sayar da hannu 100 a kan dala 10, sannan hannu 300 a kan dala 12, jimillar kuɗin dala 4,600 ce. A raba ta da 400, sai a sami dala 11.50, ba 11 ba, domin babban cinikin ya rinjaya.

Kullum aka buɗe kasuwa, lissafin yakan fara daga sifiri. Shi ya sa da safe layin yake saurin motsi, da yamma kuwa ya yi nauyi. Masu saye da sayarwa a yini guda suna ɗaukar farashin da ya zauna sama da layin alamar rinjayen masu saye. Amma ranar da ciniki ya yi sanyi, farashin yakan yi ta ƙetare layin ba tare da nuna alkibla ba.