Tambayoyin masu kiwon kaji da hoton farko na karusel

A watan Fabrairun 2017 Instagram ya ba kowa damar jera hotuna har 10 a saƙo ɗaya, mai kallo yana jan su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A 2024 aka ƙara adadin zuwa 20. Wannan jeri shi ake kira karusel, kuma masu sana'a sun mayar da shi allon koyarwa: hoton farko ya ɗauki tambaya, sauran su kawo amsa daki-daki. Haɗa hotunan ba wuya yanzu, ko a waya ana yi. Inda ake cijewa shi ne a kan me za a yi magana. Da yawa sukan zauna su ƙago abin da suke ganin jama'a na so, alhali jama'ar sun riga sun faɗa da bakinsu, tambayoyinsu na nan jibge a waya.

Mu ɗauki misalin mai shagon 'yan tsaki da abincin kaji a Kano. In an bar shi da tunaninsa, abin da zai fara rubutawa shi ne "Amfanin kiwon kaji" ko "Yadda za ka fara kiwo". Ba ƙarya a ciki, sai dai masu bibiyarsa sun wuce nan, yawancinsu tsakin na ɗaki suna kuka. Abin da ya kamata shi ne ya samu littafi, ya yi mako biyu ko uku yana rubuta duk tambayar da ta zo masa: ta WhatsApp, ta saƙon murya, ta ƙarƙashin hotunansa, har da wadda aka yi masa a bakin shago ana ɗora buhu a kan babur. Ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ya gyara. Idan wata ta ce "Malam, don Allah tsakina sai hawa kan juna suke yi", haka za ta shiga littafi, ba "matsalar ɗumama ɗaki" ba. Kalaman mai tambaya su ne za su hau hoton farko, domin da su ne sauran masu wannan damuwa za su gane da su ake.

Sai tacewa. "Masha Allah" da "Allah ya ƙara kasuwa" addu'a ce, a amsa da amin a wuce. "Nawa ne kwali?" da "Ina shagon yake?" ba su buƙatar hotuna takwas, layi ɗaya ya ishe su. Abin da ya rage sai a tara shi gida-gida, kuma mutane ake ƙirgawa, ba saƙonni ba. Mutum ɗaya mai naci zai iya turo tambayar talotalo sau shida, har mai shago ya ɗauka gari ya koma kiwon talotalo.

A ce bayan tacewa littafin ya nuna mutum tara sun yi maganar tsaki na mutuwa a makon farko, huɗu sun tambayi ranar rigakafin Gumboro, biyu sun tambayi lokacin canja abinci. Gidan farko ya fi nauyi, amma "mutuwar tsaki" ya yi faɗi, ba zai shiga karusel ɗaya ba. Nan ne ainihin aikin yake: a sake karanta tambayoyin taran nan a ga me ke bayan kowacce.

Mai cewa tsakinta na hawa kan juna, alama ta gani ba ta san fassararta ba. Wannan fuska ɗaya ke nan: yadda za ka karanta zafin ɗaki daga zaman tsaki. Mai cewa "na kunna musu gawayi na rufe ko'ina, da safe na tarar da gawarwaki" ya yi abin da ya ɗauka daidai ne, ya illata shi. Fuskarsa daban ce, ta kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, domin gawayi a ɗakin da iska ba ta shiga yana cinye iskar shaƙa, ya fitar da guba marar wari. Akwai kuma mai tambayar "ƙwan lantarki ya fi ko kasko?", wanda zaɓi yake so a taya shi, bisa yanayin wutar unguwarsu. Sannan ga wanda ya rubuto "anya tsakinku lafiyayyu ne kuwa?" Zargi ne, kuma yana da ciwo, amma ni a ganina ya fi sauran daraja, don abin da mutane da yawa ke riƙe da shi a zuci ne shi ya furta. Daga nan za a fitar da karusel kan abin da mai saye zai duba a jikin tsako kafin ya biya: idanu a buɗe tar, cibiya a bushe a rufe, ƙafafu miƙe, kuzari. Gida ɗaya ya haifi maudu'i huɗu.

Ga yadda fuskar farko za ta kasance a hotuna bakwai. Na farko: "Tsakinki na hawa kan juna?" da manyan haruffa, a kan hoton tsakin a cure. Na biyu ya ba da amsa kai tsaye, cewa sanyi suke ji, shi ya sa suka dunƙule kusa da wuta. Na uku ya nuna kishiyarsa: in sun watse sun manne da bango, baki buɗe suna haki, zafi ya yi yawa. Na huɗu, in duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa. Na biyar ya nuna zama mai kyau, sun bazu ko'ina suna ci suna sha. Na shida ya kawo ma'auni, wato digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a auna a daidai tsayin tsakon, sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. Na bakwai ya tambayi mai karatu yadda nasa suke kwana, kuma amsoshin da za su zo su ne shafin gaba na littafi. A kula da hoto na biyu sosai. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya wuce karusel bai ja ba, manhajar kan sake nuna masa shi daga hoto na biyu, don haka dole wannan hoton ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Ta yaya za a san an dace? Yawan masu danna alamar so ba ya faɗin da yawa, abokai ma na dannawa don kara. A shafin kasuwanci ana ganin mutum nawa suka ajiye saƙon, nawa suka tura wa wasu, kuma waɗannan sun fi nuna an amfana. Sai kuma littafin kansa. In tambayar ta ragu, ko ta koma mai zurfi kamar "to da rana ma sai na kunna wuta?", an kama hanya. In kuwa tana ta dawowa yadda take, bayanin bai fita ba.

Hanyar na da iyaka. Masu tambaya a fili ba su ne kowa ba. Mata da yawa da ke kiwo a cikin gida ba sa rubutu inda jama'a za su gani, sun fi tura murya a keɓe, wanda bai saurari waɗannan ba ya rasa rabin kasuwarsa. Kada kuma a ɗauki hoton saƙon mutum da sunansa da lambarsa a liƙa a karusel, a kwafi kalaman kawai. Tambayoyi na bin lokaci: littafin hunturu zai cika da sanyi, na watan Afrilu da zafi, saboda haka a riƙa sa kwanan wata. Wata tambayar kuma ba ta karusel ba ce sam. Wanda ya ce kajinsa na zawo da jini, wane magani zai ba su kuma cokali nawa, likitan dabbobi za a tura shi ya duba su.