Haba Hedimasta: Waƙar da ke riƙe sinadarai ashirin na farko

Duk ɗalibin kimiyya da ya shiga babbar sakandare a Najeriya ya san aikin farko da malamin kemistiri ke ɗora masa: ya haddace sinadarai ashirin na farko a jadawalin sinadarai, a jere, da alamominsu. Jadawalin yana ɗauke da sinadarai 118 a yau, amma waɗannan ashirin su ne ake ta juyawa a jarrabawar WAEC da NECO. Sunayen kuwa baƙi ne ga harshe, shi ya sa ɗalibai a ƙasashe da yawa ke ƙulla su cikin waƙa ko jimla mai ban dariya.

Dabarar ba sabuwa ba ce ga wanda ya zauna a makarantar zaure, inda ake haddace nahawun Larabci ta hanyar Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan dubu. Sai dai ba kowace waƙa ke da amfani a aji ba. Ba'amurke Tom Lehrer ya yi wata sananniya a 1959, ya zuba sunayen sinadarai 102 da aka sani a lokacin, amma ya jera su yadda za su yi daɗin rerawa ne. Wanda ya haddace ta zai burge taro, ba zai iya faɗin wane ne na goma sha shida ba.

Ga wata da aka tsara da Hausa domin wannan rubutu. Kowace kalma sinadari ɗaya ce, haruffanta kuma su ne ke nuna alamarsa:

Haba Hedimasta!
Likita Bello, bari ci, naman Oga Faruku ne.
Nana, Magaji, Alhaji Sidi: Panshekara sai Calawa, arha!
Kawo canji!

Layin farko H da He ne, wato haidurojin da hiliyam. Na biyu ya ɗauko Li, Be, B, C, N, O, F, Ne: litiyam, beriliyam, boron, kabon, naitirojin, oksijin, fulorin da niyon. Na uku, mai kama da kiran yaron mota a Kano, ya ba da Na, Mg, Al, Si, P, S, Cl, Ar: sodiyam, magniziyam, alminiyam, silikon, fosforas, farar wuta, kulorin da argon. Na ƙarshe K da Ca ne, fotasiyam da kalsiyam.

Mawaƙin gaske zai yamutsa fuska, domin babu amsa-amo, layukan kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Da gangan aka bar su haka. Kalma biyu, takwas, takwas, biyu: wannan shi ne tsarin jadawalin kansa. A cikin kowane atam, ƙananan ƙwayoyin da ake kira ilektaron suna zama ne hawa-hawa. A waɗannan sinadarai ashirin, hawan farko biyu yake ɗauka, na biyu takwas, na uku ma takwas, sannan a fara na huɗu. Kowane layi na waƙar hawa ɗaya ne. Da an daidaita layukan zuwa kalma biyar-biyar don daɗin ji, da jerin ya tsira amma wannan ilimin ya zube.

A ɗauki kalmar "sai". Tana layi na uku, ita ce ta shida. Layi biyu da suka gabata sun cinye kalma goma, don haka lambar farar wuta 16 ce. Tsarin ilektaron ɗinta 2, 8, 6 ke nan, ba tare da an buɗe littafi ba. Hawanta na waje na da shida, saura biyu ya cika takwas, don haka takan nemi biyu a wurin wani. Idan aka ɗaga ido zuwa layi na biyu, kalma ta shida ita ce "Oga", oksijin, wanda shi ma biyun yake nema. Wannan ne ya sa ruwa yake H₂O, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma take H₂S. Gida ɗaya suka fito.

Haka ake gano yadda sinadarai biyu za su haɗu. "Magaji" shi ne na biyu a layinsa, yana da ilektaron biyu a waje, ya fi masa sauƙi ya bayar da su. "Calawa" ta bakwai ce, ɗaya kawai take nema. Dole magniziyam ɗaya ya sami kulorin biyu kafin ciniki ya faɗa, sai a rubuta MgCl₂. "Nana" kuwa ɗaya gare ta, sai ta yi daidai da kulorin ɗaya, a sami NaCl, gishirin miya.

Akwai wuraren da ɗalibi mai jin Hausa ya fi yin tuntuɓe, kuma saboda su ne aka gina waƙar a kan alamar da ake rubutawa, aka rabu da sautin suna. Kabon, kulorin da kalsiyam duk da sautin "k" suke farawa a baki, amma alamominsu da C suke farawa. Harafin K kuwa na fotasiyam ne, daga tsohon sunansa Kalium, wanda tushensa kalmar Larabci ce ta tokar tsirrai. Na ta sodiyam ma daga Natrium take, dangin sunan da aka sa wa gishirin tafki irin kanwa. Sannan ga rikicin P da F, waɗanda bakin Bahaushe bai cika rarrabewa ba. Fulorin da fosforas kusan sauti ɗaya ne a farkonsu, alhali ɗaya na 9 ne, ɗaya na 15. An ɗauko Panshekara ne domin da P ake rubuta ta a allunan hanya. Ɗalibin da ya rubuta F a layi na uku zai ga F ta fito sau biyu, nan take ya san an sami matsala.

Waƙar tana da inda ƙarfinta ya ƙare. "Hedimasta" kalma ta biyu ce a layinta, wanda zai sa mutum ya zaci hiliyam ɗan gidan beriliyam da magniziyam ne. Ba haka ba ne. Hawan farko da biyu yake cika, don haka hiliyam ba ya neman komai, kuma mazauninsa na can ƙarshen jadawali tare da niyon da argon, iskokin da ba su cika haɗuwa da kowa ba.

Ba ta kuma faɗin nauyi. Mai tunanin cewa kowane sinadari ya fi na gabansa nauyi zai faɗi a kan "arha" da "Kawo": nauyin atam na argon kusan 39.9 ne, na fotasiyam 39.1, amma argon ne a gaba. Dmitri Mendeleev ya fitar da jadawalinsa a 1869 bisa nauyi, tun ba a gano argon ba. Sai a 1913 binciken Henry Moseley ya nuna cewa lambar atam, wadda daga baya aka gane ita ce adadin furoton da ke tsakiyarsa, ita ke yanke jeri. Argon na da 18, fotasiyam 19.

Dalilin tsayawa a ashirin ma na kimiyya ne. Daga sikandiyam, na 21, sabon ilektaron ba ya zuwa hawa na huɗu, komawa yake ya ƙara wa na uku, tsarin ya zama 2, 8, 9, 2. Layi na huɗu a cikakken jadawali sinadarai goma sha takwas ne, kuma a cikinsa ƙarfe da tagulla suke. Ƙirgen yatsu na biyu da takwas ba ya aiki a kansu, sai ɗalibi ya koyi ƙananan ɗakunan da ke cikin kowane hawa, waɗanda littattafai ke yi wa laƙabi da s, p da d.