Kada Maɓallan Manhaja Su Rufe Tallarka

Mai sayar da atamfa zai ɗauki bidiyo mai kyau, ya rubuta farashi can ƙasan hoto, ya ɗora a TikTok. Da ya buɗe sai ya tarar sunan shafinsa da bayanin bidiyon sun hau kan farashin. Manhajar ce ke shimfiɗa nata rubutu da maɓallai a kan bidiyonka, ba ruwanta da abin da ke wurin.

Bidiyon tsaye yawanci faɗin 1080 ne, tsayi 1920. Kamfanin Meta na ba masu tallar Reels shawarar su bar kashi 14 cikin ɗari a sama, 35 a ƙasa, 6 a kowane gefe, babu rubutu ko tambari. Wato fiye da sulusin ƙasan hoton ba naka ba ne! Gefen dama ma a yi hattara, nan maɓallan so da sharhi suke jere.

Gyaran kuwa tun wajen ɗauka yake farawa. Ka ɗan ja da baya, fuska da atamfar su zauna tsakiya, farashin ya dawo wajen ƙirji. Kuma tsawon bayani na ƙara cin wuri, don haka ka gajarta shi, sannan ka duba tallar a wayoyi biyu masu girma daban kafin ka biya kuɗi.