Lissafin abinci: yaushe yake komawa ciwo?

A Haɗejiya, masu lissafin abin da suke ci sun kasu biyu. Akwai masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda, waɗanda likita ya ce su riƙa auna tuwo da gishiri. Akwai kuma samari da 'yan mata da suka sauke manhaja a waya, suna rubuta kowace loma don rage ƙiba. Maganganu na yawo a kan wannan ɗabi'a, wasu gaskiya ne, wasu kuma suna cutar da mutane.

Ana cewa lissafin kansa cuta ne. Ba haka ba ne. Mai ciwon suga da ya rubuta malmala nawa ya ci, ya gwada sugansa, ya kai wa likita takardar, yana taimakon kansa. Abin lura shi ne ko mutum zai iya ajiye lissafin na kwana biyu hankalinsa kwance. Manhajojin nan ma ba su san girman malmalar tuwon shinkafar gidanku ba, balle yawan man da ke cikin miyar kifi, don haka lambar da suke bayarwa kirdado ce. Wanda ya rasa barci saboda kirdado ya haura da kalori 50, lissafin ya fara juya shi.

Ana kuma cewa ciwon ƙin cin abinci na Turawa ne, ɗan fadama da ya tashi cikin shinkafa da kifi ba ya yin sa. Wannan ƙarya ce mai tsada. A ƙasar Fiji ma jiki mai kauri ake yabo, amma bayan talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995, binciken Anne Becker ya nuna cewa zuwa 1998 'yan mata sun fara jawo amai don rage nauyi. A nan gida ciwon yana ɓuya ne a bayan sunaye masu mutunci: "olsa ce", "na ci a makaranta", ko azumin nafila da ya wuce Litinin da Alhamis ya zama kullum, buɗa-baki kuma ruwa da dabino ɗaya.

Maganar da ta fi damuna ita ce "ai ba ta rame ba, lafiyarta ƙalau". A ɗauki misalin budurwa mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 60. Ta fara da barin lemon kwalba, sannan fura, sannan ta daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan uwanta saboda ba za ta iya ƙirga lomarta a ciki ba. Ta daina zuwa suna da biki. Cikin wata uku ta koma kilo 53. Ma'aunin BMI zai ba ta kusan 19.5, wato sama da iyakar rama ta 18.5, sai a ce babu matsala. Amma ta zubar da fiye da kashi goma cikin ɗari na nauyinta, al'adarta ta ɗauke, gashi na zuba in ana mata kitso, tana jin sanyi ko a zafin Afrilu, jiri na ɗibarta in ta ɗago daga sujada. Tambayoyi biyar na SCOFF, da likitoci a Landan suka fitar a 1999, sun haɗa da jawo amai, da zubar da kilo shida da ɗoriya cikin wata uku, da ganin kai da ƙiba alhali mutane na cewa an rame, da jin abinci ya mamaye rayuwa. Amsa biyu na "e" sun isa a nemi likita. Samari masu ɗaga ƙarfe su ma suna faɗawa ciki.

Daga nan sai iyaye su ce a goge manhajar, a ɗura mata abinci, magana ta ƙare. Goge manhajar da ɗauke sikeli daidai ne. Ɗura kuwa haɗari ce: jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi lokaci ɗaya, sinadarin fosfet na jini yana faɗuwa, zuciya na iya rikicewa. Likita ne zai gwada jini ya tsara yadda za a ƙara abincin sannu a hankali. Faɗa da gori kuma ƙara ɓoyewa suke sawa. "'Yata, na ga kina wahala da abinci, mu je a duba ki" ya fi tasiri.

Mai ciwon suga ko ƙoda kada ya jefar da ma'auninsa da kansa, ya gaya wa likitansa cewa lissafin ya zame masa fargaba, a sassauta masa. Wanda ya fara rage allurar insulin don ya rame kuwa, ranar za a kai shi asibiti. Haka wanda ya suma, ko zuciyarsa ke bugawa ba daidai ba, ko yake amai da jini, ko yake maganar kashe kansa. A fara da Babban Asibitin Haɗejiya, a faɗi maganar lissafin da aman a fili, a kuma nemi a tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.