Sakon Cika Shekara 50

Sakon da ya fi yawo a WhatsApp idan wani ya cika 50 shi ne "har yanzu kana nan kamar ɗan 25". Yabo ake nufi, amma kalmar tana nuna kamar furfura abin kunya ce, alhali Bahaushe da ita yake auna dattako.

Sakon kirki yakan ambaci aiki guda da mutum ya yi. Ƙane zai iya rubuta wa yayarsa: "Yaya, ke kika riƙe mu bayan rasuwar Baba har muka gama karatu. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana." Kada a taɓo rashin haihuwa ko aure. In ba ta son a bayyana shekarunta, a tura mata ita kaɗai.